Fassarar rubutun da ke cikin hoto

Fassarar rubutun da ke cikin hoto ta kasu hanya biyu. Ta farko ita ce a ciro rubutun daga hoton da manhajar karanta haruffa, wadda aka fi sani da OCR, mutum ya zauna ya gyara inda ta karanta ba daidai ba, sannan a miƙa wa injin fassara ko mai fassara. Ta biyu kuwa ka haska kyamarar waya kan takardar ko ka loda hoton kawai, fassara ta fito nan take. A gaskiya yawancin manhajojin hanya ta biyu su ma karanta haruffan suke yi a ciki kafin su fassara, kawai ba sa tsayawa su nuna maka abin da suka karanta ne, to asalin bambancin shi ne ko akwai zangon da idon mutum zai duba a tsakiya ko babu.

Tarihi

Karanta haruffa da inji ya girmi fassarar inji nesa ba kusa ba. Ana yawan ambaton Emanuel Goldberg, wanda wajajen 1914 ya ƙera na'urar da ke karanta haruffa ta mai da su lambobin tangaraho, sai Gustav Tauschek da ya yi rajistar tasa na'urar a Jamus a 1929. A farkon shekarun 1950 David Shepard a Amurka ya haɗa wata mai suna Gismo. Na'urorin wancan zamani sai an buga musu haruffa da wani salo takamaimai suke iya ganewa, daga baya kamfanin Ray Kurzweil, wanda aka kafa a 1974, ya fito da mai karanta salon bugu iri-iri, a 1976 kuma aka nuna ta a matsayin na'urar karanta wa makafi littafi. Manhajar Tesseract da mutane da yawa ke amfani da ita kyauta yau, a kamfanin HP aka fara ta tsakanin wajajen 1985 da 1994, aka saki lambarta ga kowa a 2005, Google ya ɗauki nauyinta daga 2006.

Fassara kai tsaye ta kyamara sabuwa ce sosai idan aka gwada. Manhajar Word Lens ta fito a 2010, tana goge rubutun allo ta ɗora fassara a gurbinsa, Google ya saye ta a 2014 ya shigar da ita cikin Google Translate a farkon 2015.

Yadda kuskure ke ɓuya

Injin karanta haruffa yana da wuraren da ya saba tuntuɓe. Yakan ga r da n a manne ya ce m ne, ya rikita l da 1, ko 0 da O, ya zubar da ɗigo da waƙafi idan tawada ta yi haske. Idan shafin mai ginshiƙi biyu ne irin na jarida, wani lokaci sai ya karanta layin hagu ya zarce cikin na dama, jimloli biyu da ba su san juna ba su cakuɗe. Haruffa masu lanƙwasa ma suna shan wahala idan ba a horar da injin da harshen ba, misali jimlar "ta ɓata kuɗin" tana iya fitowa "ta bata kudin", injin fassara kuma ya ɗauka ba ta kuɗin aka yi, alhali lalata su ta yi.

Abin da ya sa wannan ya zama matsala babba shi ne injin fassara na yanzu ba ya son barin giɓi. Ka ba shi kalma gurguwa, zai nemo wadda ta fi kama da ita ya gina jimla sumul a kai, mai karatu ba zai taɓa zargin komai ba. A ɗanyen rubutun da aka ciro kuwa sau da yawa kuskuren a fili yake, kalma ce da babu ita a harshen, ko da wanda bai iya harshen ba zai iya gwada ta da hoton harafi bayan harafi ya ga ba su yi daidai ba.

Lissafin ma yana yaudara. A ɗauki shafi mai kalma 400, wajen haruffa 2,000 ke nan. Idan injin ya karanta kashi 98 cikin ɗari daidai, abin da a ji kamar ya yi ƙoƙari, haruffa 40 ne suka lalace, kuma idan sun warwatsu to kusan kalma ɗaya cikin goma ta taɓu, wato da wuya a samu doguwar jimlar da ta tsira.

Misali

A ce takardar bayanin magani ce da Faransanci, ginshiƙi biyu, an ɗauke ta da waya. Mai bin hanya ta farko zai fara gyara hoton, ya miƙe shi idan ya karkace, ya yanka kowane ginshiƙi daban, in sikana ce ya sa ta a ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne abin da aka saba ba da shawara. Sannan ya faɗa wa injin harshen takardar, don da shi yake tantance kalmomi:

```
tesseract shafi.png fita -l fra
```

Rubutun zai fito a fayil mai suna fita.txt. Daga nan sai a ajiye shi gefe da hoton, a fara da lambobi da sunaye, don su ne ƙamus ba ya iya gyarawa. Faransanci da waƙafi yake raba lamba, to layin da ke cewa 1,5 ml idan waƙafin ya dushe sai ya koma 15 ml, ninki goma ke nan, kuma babu injin fassarar da zai kama shi tunda duka biyun lamba ce mai ma'ana. Bayan lambobi sai a haɗe kalmomin da ƙarshen layi ya raba, a cire yankan layin da ke tsakiyar jimla, don wasu injinan suna ɗaukar kowane layi a matsayin jimla mai zaman kanta su fassara shi shi kaɗai. Sai an gama wannan ake fassarawa. Da kyamara aka haska wa takardar kai tsaye, 15 ɗin za ta iya fitowa cikin jimla mai kyau, a kan asalin rubutun ma ta zauna ta rufe shi.

Inda hanya ta biyu ta fi

Allon hanya, rubutun jikin kwali, maɓallan na'ura. Rubutu gajere ne, ana son ma'ana yanzu-yanzu, kuma fassarar tana zama a wurin da asalin yake, abin da hanya ta farko ke yawan zubarwa, musamman a jadawali da fom inda ɗanyen rubutu ke raba lamba da gidanta.

Sababbin manhajoji

Akwai manyan manhajojin harshe na baya-bayan nan da ke karɓar hoto su fassara ba tare da wani injin karatu daban ba. Suna ganin tsarin shafi gaba ɗaya, shi ya sa sukan fi iya ginshiƙai, amma inda rubutu ya dushe sukan cike da abin da ya dace da jimlar ko da ba shi ne a takardar ba. Masu aikin sun rabu kan ko waɗannan za su kawar da tsohuwar hanya. Abin da wasu ke yi shi ne su sa manhajar ta fara kwafo rubutun yadda yake, su duba, sannan ta fassara.