Shafin Intanet Ba Ya Iya Binciken Wayarka

Mutane da yawa sun daɗe da yarda cewa gargaɗin da ke faɗo musu a allo, mai jan rubutu da ƙararrawa, wai an gano ƙwayoyin cuta a wayarsu, daga wayar ne ko daga Google. Ba haka ba ne. Shafi ne kawai da ya buɗe a cikin burauzar Chrome, galibi ta hanyar talla, kuma burauza ba ta ba shafi ikon leƙa fayilolin waya, balle ya ƙirga ƙwayoyin cuta. Idan ya ambaci samfurin wayarka kada ka firgita, burauza ce ke iya sanar da shafuka wannan. Irin wannan gargaɗin yakan sa lambar da za ka kira, alhali Google, Apple da Microsoft ba sa sa lambar kira a cikin gargaɗinsu.

Ɓarnar tana farawa ne idan ka kira. Mai amsawa zai ce ka sauke AnyDesk ko TeamViewer, manhajoji na halal da masu gyara ke aiki da su, sannan ka karanto masa lambar da ta fito, ka danna amincewa. Daga nan yana ganin allonka. Sai ya ce ka shiga manhajar banki don a "duba", lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo kuma ta faɗo a gaban idonsa. Wannan ne ke ƙona min rai, domin wayar lafiya lau take kafin kiran.

Rufe shafin ya wadatar. Idan gargaɗin yana dawowa, cire izinin shafin a Chrome: Settings, Site settings, Notifications. Wanda ya riga ya ba mai amsa kiran izinin ganin allonsa ya kashe data, ya goge manhajar da aka sa shi ya sauke, ya kira bankinsa ta lambar da ke bayan katinsa, sannan ya canza lambobin sirri a wata wayar.