Ma'anar "ainihin albashi" da amfaninsa ga ma'aikacin da tsadar kaya ke cinye wa kuɗi

Masana tattalin arziki suna bambanta abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya. Akwai albashin takarda, wato adadin da ke rubuce a takardar biya wanda ke shiga asusun ma'aikaci a ƙarshen wata, sannan akwai ainihin albashi, wato yawan abinci da haya da kuɗin mota da magani da wannan adadin zai iya biya. Idan farashi ya tsaya wuri ɗaya, babu bambanci tsakaninsu. Idan kuwa hauhawar farashi ta kama, albashin takarda yana nan yadda yake, ainihin albashi kuma yana zaizayewa wata bayan wata ba tare da wani ya rubuto wa ma'aikaci cewa an rage masa ko sisi ba.

Lissafinsa ba shi da wuya: ana raba albashin takarda da yadda farashi ya ninka tun ranar da aka yanka albashin. A ɗauki ma'aikaciyar da ke karɓar 200,000 a wata, a kowace ƙasa take, kuma farashi yana tashi da kashi 25 cikin 100 duk shekara. Bayan shekara ɗaya sai a raba 200,000 da 1.25, a sami 160,000, ma'ana abin da albashinta zai saya yanzu daidai yake da abin da 160,000 ke saya a bara. A shekara ta biyu tashin yana hawa ne a kan farashin da ya riga ya tashi, don haka a sake raba 160,000 da 1.25, a sami 128,000. A ta uku ya zama 102,400. Cikin shekara uku ta rasa kusan rabin ƙarfin sayenta, alhali takardar biyanta ba ta sauya ba.

Amfanin wannan lissafi yana fitowa fili ranar da aka zauna maganar ƙarin albashi. A ce bayan shekarun nan uku ma'aikatar ta sanar da ƙarin kashi 30 cikin 100, albashi ya koma 260,000. Adadin yana da daɗin ji, kuma da yawa za su yi godiya su tashi. Amma farashi ya ninka sau 1.95 da 'yan kai a wannan lokaci, saboda haka 260,000 ɗin daidai take da kimanin 133,000 a kuɗin farko. Kafin ma'aikaciyar ta koma inda take ranar da aka yanka mata albashi, sai an biya ta kusan 390,600. Wanda ya shiga tattaunawa da wannan adadi a hannunsa, tare da alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasarsa, yana neman a maido masa abin da ya zube ne, kuma hujjarsa ta fi ta mai cewa kawai rayuwa ta yi tsada, domin shugaban ma'aikata ma haka zai ce game da tasa rayuwar.

Akwai wata magana da ake yawan rufe bakin ma'aikata da ita, cewa hauhawar farashi ta sauka. Idan ta sauka daga kashi 25 zuwa kashi 15, kaya ba su yi sauƙi ba, suna ci gaba da tashi ne a kan tsadar da suka riga suka yi, sai dai gudun ya ragu. Asarar shekarun baya tana nan daram har sai an biya ta.

A ganina, abin da ya fi dacewa a nema a irin wannan zama shi ne ƙa'ida, domin ƙarin da aka yi sau ɗaya yana fara narkewa tun daga watan da aka biya shi. Ƙa'idar ita ce a ɗaure albashi da ma'aunin farashi, wato alƙaluman da ke nuna yadda farashin kaya ke tashi, a cikin yarjejeniyar aiki, a rubuta wane ma'auni za a bi da kuma lokacin da za a riƙa dubawa. Ba sabon abu ba ne. A Luksambur, duk lokacin da ma'aunin farashi ya tashi da kashi 2.5 cikin 100, doka ta tanadi a ƙara albashi da fansho da daidai wannan kashi. Italiya ta daɗe da irin wannan tsari kafin ta soke shi a 1992, bisa hujjar cewa ƙarin albashi yana tura farashi sama, farashi kuma ya sake tura albashi. Wannan hujja masu ɗaukar ma'aikata za su kawo, kuma ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba, musamman ga ma'aikatar da ita ma kuɗin shigarta ba ya bin farashi. Inda aka ƙi cikakken ɗauri, ana iya samun rabinsa, kamar duba albashi duk wata shida maimakon duk shekara, ko ɗaure kuɗin mota da na haya kaɗai da farashinsu. Irin wannan buƙata ta fi karɓuwa daga bakin ƙungiyar ƙwadago fiye da daga bakin mutum ɗaya.

Wannan lissafi na ainihin albashi dai shi za a ɗora wa ajiya. Asusun da ke ba da ribar kashi 10 a shekarar da farashi ya tashi da kashi 25 yana jawo asara, domin idan aka raba 1.10 da 1.25 za a sami 0.88, wato kashi 12 na darajar kuɗin ya tafi duk da cewa adadin ya ƙaru. Shi ya sa ya fi hikima mai albashi ya sayi kayan da ba sa lalacewa, waɗanda tabbas zai yi amfani da su, tun a makon da aka biya shi, ya bar tsabar kuɗi daidai na larurar gaggawa kawai.

Faɗuwar darajar kuɗin ƙasa tana buƙatar a yi mata lissafi dabam. Idan dala ta ninka farashinta, albashin ya ragu da rabi in an auna shi da dala, amma ƙarfin sayensa ba ya faɗuwa da rabi nan take, domin kayan da ake shigowa da su daga waje ne ke fara tashi, na cikin gida su biyo baya a hankali kuma sau da yawa ba su kai nan ba. Mai bashin da aka ƙulla da kuɗin waje shi ne wanda abin ke dokewa kai tsaye, tunda bashin ya ninka albashinsa kuwa bai motsa ba, don haka bai kamata mai karɓar albashi da kuɗin gida ya ci irin wannan bashi ba. Ajiya da kuɗin waje tana kare daraja, amma tana da nata haɗarin. A Ajantina an taƙaita cire kuɗi daga bankuna a ƙarshen 2001, sannan a 2002 aka mayar da ajiyar dala zuwa feso, kuɗin ƙasar, a kan 1.40 kowace dala, yayin da a kasuwa dalar ta zarce feso uku kafin shekarar ta ƙare. A Labanan ma, tun daga 2019, masu ajiyar dala a bankuna sun kasa cire kuɗinsu sai kaɗan-kaɗan, kuma sau da yawa a kan canjin da bai kai na kasuwa ba.