Nazarin Yawan Kaɗawa da Karatun Allon Na'urar Sifektiram

Nazarin yawan kaɗawa hanya ce ta lissafi da ake rarraba sigina, ko ta sauti ko ta lantarki, zuwa igiyoyin sain da suka haɗu suka samar da ita. Igiyar sain ita ce kaɗawa mafi sauƙi: hawa da sauka a santsi, kamar lilo, ba kusurwa ba tsalle. Ana auna yawan kaɗawarta da Hz, wato sau nawa take kammala zagaye a daƙiƙa guda. Wutar lantarkin da ake rabawa a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Idan goge da sarewa suka fitar da murya ɗaya, kunne yana bambance su ne saboda igiyoyin da ke rakiyar babbar igiyar ba su zo da ƙarfi iri ɗaya a cikinsu ba. Jerin waɗannan igiyoyi, kowace da ƙarfinta, shi ake kira sifektiram.

Tarihi

Maganar ta faro ne daga tsirkiya. A 1753 Daniel Bernoulli ya ce duk motsin da tsirkiya ke yi in an kaɗa ta, tarin igiyoyin sain ne, amma Euler da d'Alembert ba su yarda ba. Wanda sunansa ya bi abin shi ne Joseph Fourier, Bafaranshen da aka haifa a Auxerre a 1768, wanda ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar a 1798, daga baya aka naɗa shi gwamnan lardin Isère. Yana kan wannan kujera a Grenoble ya rubuta bincikensa kan yadda zafi ke ratsa daskararrun abubuwa, ya gabatar da shi a Paris a 1807. A ciki ya yi da'awar cewa hatta siffa mai kusurwa ana iya gina ta da igiyoyi masu santsi. Lagrange ya ƙi amincewa, aikin bai fito a cikakken littafi ba sai 1822, da sunan Théorie analytique de la chaleur. Hujjar Fourier tana da giɓi, kuma Dirichlet ne ya fayyace sharuɗɗan da maganar ke tabbata a kansu a 1829.

Kafin zamanin kwamfuta da injina ake wannan aiki. Lord Kelvin ya ƙera na'urar rarraba hawa da saukar ruwan teku a shekarun 1870, sannan a 1898 Michelson da Stratton suka ƙera wata mai haɗa igiyoyi 80. Hanyar lissafi mai sauri da ake kira FFT ta yaɗu bayan maƙalar Cooley da Tukey ta 1965, ko da yake an gano cewa Gauss ya riga su zuwa irin wannan dabara, wajen 1805 bisa ƙiyasi, yana lissafin falakin wasu ƙananan duniyoyi.

Misali: igiya mai kusurwa

Igiyar da ke tsalle tsakanin sama da ƙasa, tana ɗaukar lokaci daidai a kowane ɓangare, tana rarrabuwa kamar haka:

```
x(t) ∝ sin(ωt) + (1/3)sin(3ωt) + (1/5)sin(5ωt) + ...
```

A wannan lissafi t lokaci ne, ω kuma saurin kaɗawa. Igiya ta farko ita ce uwa, sauran kuma ana kiran su hamonik. A nan ninki mara kawai ake samu, wato 3, 5, 7 da sauransu, kuma tsayin kowace yana raguwa gwargwadon lambarta. Duk yawan igiyoyin da aka tara, ana samun ɗan tozo a bakin kusurwar, kimanin kashi 9 cikin 100 na tsallen, wanda ke ƙara sirancewa amma ba ya gajarta. Ana jingina wannan ga Gibbs, duk da cewa Wilbraham ya bayyana shi tun 1848.

Karatun allo

Osiloskof yana nuna sigina bisa lokaci. Na'urar sifektiram kuwa tana jera yawan kaɗawa daga hagu zuwa dama, ƙarfi kuma daga ƙasa zuwa sama. Galibi allon yana da gidaje 10 a kwance da 10 a tsaye. CENTER shi ne kaɗawar da ke tsakiyar allo, SPAN faɗin abin da allon ya ɗauka, REF LEVEL kuma ƙarfin da layin can sama ke wakilta. Ana rubuta ƙarfi da dBm, inda 0 dBm ke nufin miliwat ɗaya, kuma kowane saukar 10 dB raguwa ce ninki goma. Da yake akasari gida ɗaya 10 dB ne, tsinin da ke ƙasa da wani da gida uku ya fi shi rauni sau dubu, ko da ido na ganin kamar sun yi kusa. Nan sabon shiga ya fi yin tuntuɓe.

A ce an shigar da igiya mai kusurwa ta 1 MHz, wato Hz miliyan ɗaya, aka sa CENTER a 5 MHz, SPAN a 10 MHz, REF LEVEL a 0 dBm. Kowane gida a kwance ya zama 1 MHz ke nan. Idan uwar ta tsaya a −10 dBm, gida ɗaya ƙasa da layin sama, to za a ga tsini a 3 MHz wajen −19.5 dBm, domin sulusin tsayin igiya daidai yake da kashi ɗaya cikin tara na ƙarfi, wato raguwar 9.5 dB. Na 5 MHz zai tsaya wajen −24, na 7 MHz wajen −27, na 9 MHz wajen −29. Dogon tsinin da kan bayyana a 0 Hz, can bakin hagu, daga cikin na'urar yake fitowa, ba a lissafa shi.

Yanzu a ce an ga wani ɗan tsini a 2 MHz wajen −50 dBm, inda lissafi ya ce bai kamata a ga komai ba. Dalili biyu ne ke iya kawo shi. Ko dai siginar ba ta raba lokacinta daidai tsakanin sama da ƙasa ba, ko kuma ƙarfin da ya shiga ya yi wa na'urar yawa har ita kanta ta haifi tsinin. Ana rarrabewa da ƙara ATTEN, wato abin da ke rage ƙarfin sigina a mashigar na'urar, da 10 dB. Na'urar tana gyara lissafinta da kanta, saboda haka tsinin gaskiya zai tsaya cak inda yake. In ya sauka, na ƙarya ne.

Faɗin mataci da hayaniya

Na'urori na gargajiya suna tafiyar da mataci ne daga hagu zuwa dama, suna auna abin da ya ratsa shi. Faɗin wannan mataci shi ne RBW, kuma faɗin tsinin da ake gani a allo yawanci siffar matacin ce, domin igiyar sain tsantsa ba ta da faɗi. Sigina biyu da tazararsu ba ta kai RBW ba sukan narke su zama tudu ɗaya. Abin da ke rawa a ƙasan allo kamar ciyawa hayaniya ce, kuma rage RBW ninki goma yana saukar da ita da 10 dB, sai ƙananan sigina da suka nutse su leƙo. Kuɗin wannan shi ne lokaci: zagaye ɗaya kan iya tsawaita kusan sau ɗari. Wanda ya matsa wa na'urar ta yi sauri fiye da kima zai ga tsini ya gajarta ya goce dama, sau da yawa da gargaɗin UNCAL a allo, wato awon ba abin dogaro ba ne. VBW, wato faɗin wani mataci na biyu da ke daidaita layin da ake gani a allo, yana lafar da rawar hayaniyar ne kawai, ba ya saukar da matsakaicinta.

Iyaka

Sifektiram ɗin da allo ke nunawa ba ya faɗin lokacin da kowace igiya ta fara dangane da 'yan uwanta, don haka sigina biyu masu siffa dabam suna iya ba da hoto ɗaya. Na'ura mai zagayawa tana iya kuskure siginar da ta zo ta wuce kafin mataci ya iso gare ta. Yawancin na'urorin ba sa jure fiye da +30 dBm, wato wat ɗaya, kuma ana rubuta iyakar a gefen mashigar. Haɗa na'urar watsa rediyo kai tsaye ba tare da abin rage ƙarfi a tsakani ba yana iya ƙona mashigar.