Dokar sin x > 1/2: amsar ba "x ya fi 30°" ba ce

Akwai wata gajeriyar hanya da ke yawo tsakanin ɗalibai, wai in ka ga sin x > 1/2, ka danna sin⁻¹ a kalkuleta, ta ba ka 30°, ka rubuta x > 30°, shi ke nan an gama. Wasu kuma da suka ga an soke musu wannan amsa sai suka tsorata, suna cewa tambayar tarko ce. Ba tarko a ciki. Dokar aljebra aka ɗauko aka kai ta inda ba ta aiki.

A aljebra, in 2x > 6 to x > 3, domin duk sa'ad da x ya ƙaru, 2x ma ƙaruwa yake yi, ba ya juyowa. Shi kuwa sin x hawa yake yi ya sauko. Gwada x = 180°. Ya fi 30° nesa ba kusa ba, amma sin 180° sifiri ne, sifiri kuwa bai kai rabi ba. Lamba ɗaya ta isa ta rushe waccan amsa.

Zana da'ira wadda daga tsakiyarta zuwa bakinta ɗaya ne. Sa ɗan yatsa a gefen dama, ka bi bakin da'irar akasin yadda hannun agogo ke tafiya. Kusurwar da ka zagaya ita ce x, tsayin da yatsan ya yi sama da tsakiya shi ne sin x. Yanzu ja layi a kwance a tsayin rabi. Zai yanki da'irar wuri biyu, a dama wajen 30°, a hagu wajen 150°. Tambayar kawai cewa take yi, yaushe yatsanka yake saman wannan layi? Yana haye shi a 30°, ya kai ƙololuwa a 90°, ya gangaro ya faɗa ƙasansa a 150°. Saboda haka 30° < x < 150°. Wanda ya fi son radiyan ya rubuta π/6 < x < 5π/6. Su 30° da 150° ɗin kansu ba sa ciki, don a wurinsu sin x rabi ne cif, sai in alamar ≥ ce.

To, ina 150° ta ɓuya da kalkuleta ba ta nuna ta ba? Nan ne ruɗanin yake. Maɓallin sin⁻¹ an ƙayyade masa ya ba da amsa ɗaya tak, tsakanin −90° da 90°, wato ɓangaren dama na da'irar. Hagu ba ruwansa. Kai ne za ka nemo ta biyun, ta hanyar cire ta farko daga 180°: 180° − 30° = 150°. Na sha ganin takardar da aka yi komai daidai har zuwa wannan gaɓa, sannan aka tsaya. Mai duba aiki ya ja layi a kai, maki ya tafi. A ganina hukuncin yakan yi wa yaro tsauri, tunda sau da yawa maɓallin aka koya masa kafin da'irar. Amma amsar dai ba daidai ba ce, wannan kam ba musu.

Lura kuma da cewa rabi ba ya nufin rabin da'ira. Daga 30° zuwa 150° digiri 120 ne, kashi ɗaya cikin uku ke nan na zagayen.

In tambaya ta ce x yana tsakanin 0° da 360°, ka gama. In ba ta sa iyaka ba, yatsa zai sake zagayowa, ya haye layin a 390°, ya sauka a 510°, haka har abada. Shi ya sa ake rubuta 30° + 360°k < x < 150° + 360°k, inda k kowace cikakkiyar lamba ce, har da sifiri da masu alamar ragi. Wanda ya zana igiyar sin x maimakon da'ira zai ga abin nan ɗaya: tuddai a jere, layin rabi ya yanke kan kowanne.

Tsarin ya shafi cos ma, sai dai layin a tsaye ake jan sa, domin cos x nisa ne zuwa dama. Amsar cos x > 1/2 tsakanin 0° da 360° kashi biyu take fita, 0° ≤ x < 60° da 300° < x ≤ 360°, saboda yankin bakin da'irar da ke dama da layin ya ratsa ta kan mafari.

Kafin ka miƙa takarda, ɗauki kusurwa ɗaya daga cikin amsarka da ɗaya daga waje. sin 120° wajen 0.87 ne, ya fi rabi, ya shiga. sin 170° wajen 0.17 ne, bai kai ba, yana waje.