Matakalar kula da masu ɗauke da HIV

Matakalar kula da masu ɗauke da HIV tsarin ƙidaya ne da ma'aikatan lafiyar jama'a ke amfani da shi don bin sawun mutanen da ke da ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jiki, tun daga kamuwa har zuwa lokacin da magani ya danne ƙwayar a jininsu. Ana zana ta da ginshiƙai a jere, kowanne bai kai na gabansa tsayi ba. Na farko shi ne duk masu ɗauke da cutar, sai waɗanda suka san matsayinsu, sai waɗanda ke kan magani, sai waɗanda ƙwayar ta dannu a jikinsu. Tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi ita ce giɓin da ake nema a auna.

Asali

Tun kafin tsarin ya yi suna, masu yaƙi da tarin fuka da masu aikin hana uwa sa wa jariri cutar sun daɗe suna irin wannan lissafi mataki-mataki. Amma galibi ana danganta shahararsa a fagen HIV da binciken da Edward Gardner da abokan aikinsa suka wallafa a 2011. Sun haɗa alƙaluman Amurka daga wurare dabam-dabam, suka ƙiyasta cewa cikin masu cutar kimanin miliyan 1.1, kashi 19 cikin ɗari ne kawai ƙwayar ta dannu a jininsu. A ƙarshen shekarar, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sake lissafin da nata bayanan, ta samu kashi 28. Ko wannan bambanci na farko ya isa ya nuna cewa amsar tana rataye da yadda aka fayyace kowane mataki.

Lissafin ya ƙara nauyi ne saboda a shekarar ta 2011 wani bincike mai suna HPTN 052 ya nuna cewa fara magani da wuri ya rage yaɗuwar cutar da kashi 96 tsakanin abokan zaman da ɗaya ke da ita, ɗaya ba shi da ita. Daga nan ginshiƙin ƙarshe ya zama yana faɗin abu biyu, wato lafiyar mai shan magani da yawan waɗanda za su iya sa wa wani.

A 2014 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar, UNAIDS, ta mayar da matakalar buri na duniya mai suna 90-90-90, da wa'adin 2020: kashi 90 na masu cutar su san matsayinsu, kashi 90 na waɗanda suka sani su kasance kan magani, kashi 90 na masu shan magani ƙwayar ta dannu. Matakalar farko-farko tana da ginshiƙin “waɗanda suka cancanci magani”, domin a da sai ƙwayoyin garkuwa na CD4 sun sauka ƙasa da wani adadi ake fara ba mutum. Wannan ginshiƙi ya ɓace bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa a sa duk wanda aka samu da cutar a kan magani. Ana yawan ambaton Siwidin a matsayin ƙasar da ta fara cika burin, wajajen 2015 zuwa 2016. Duniya gaba ɗaya ba ta cika shi ba, ta tsaya a 84-87-90 a ƙarshen 2020. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sabon buri na 95-95-95 zuwa 2025.

Hanyoyi biyu na karanta kashi

Akwai hanyar da ake auna kowane mataki da wanda ya gabace shi, irin ta 90-90-90. Akwai kuma wadda ake auna kowane mataki da jimillar masu cutar duka. Idan aka juya 90-90-90 zuwa hanya ta biyu, sai ta koma 90, 81 da 73, ita kuwa 95-95-95 ta koma 95, 90 da 86. Hanyar farko ta fi nuna wa mai kula da shiri wurin da aikinsa ke yoyo. Ta biyu ta fi faɗin halin da al'umma ke ciki, domin ƙasa na iya samun kashi 95 a matakin ƙarshe alhali rabin masu cutar ba a ma gano su ba. Alƙaluman duniya na 2023 sun kasance 86-89-93 a hanyar farko, 86, 77 da 72 a ta biyu, cikin mutum kimanin miliyan 39.9.

Inda lambobin ke fitowa

Ginshiƙin farko ba a ƙirga shi, ƙiyasta shi ake yi, tunda ya ƙunshi waɗanda ba a taɓa gwadawa ba. Ƙasashe da yawa suna amfani da manhajar Spectrum, wadda ake zuba wa sakamakon gwajin masu juna biyu, da binciken gida-gida, da adadin masu shan magani. A ƙasashen da rajistarsu ke da ƙarfi, ana duba matakin CD4 na mutum a ranar da aka gano shi, a lissafa baya don sanin kusan shekarun da ya yi da cutar, daga nan a ƙiyasta waɗanda suka rage ba a gano ba. Idan wannan ƙiyasi ya motsa, komai ya motsa. Bayan binciken gida-gida na NAIIS da aka yi a faɗin Najeriya a 2018, ƙiyasin masu cutar a Najeriya ya sauka daga sama da miliyan 3 zuwa kimanin miliyan 1.9, sai kashin masu shan magani ya tashi a takarda tun kafin a ƙara mutum ɗaya a asibiti.

Mataki na sanin matsayi ya fi kowanne wahalar aunawa. Tara duk sakamakon gwajin da ya nuna cutar yana kumbura adadin, domin mutum ɗaya kan sake gwaji a wurare da dama, ko don bai yarda da na farko ba, ko don yana son komawa magani ba tare da an yi masa faɗan ɓacewa ba. Sannan dole a cire waɗanda suka rasu. Tambayar mutane baki da baki kuwa tana rage adadin, saboda tsoron tsangwama kan sa wanda ya sani ya ce bai sani ba. Shi ya sa binciken gida-gida na PHIA, da aka fara wajajen 2015 a Zimbabuwe da Malawi da Zambiya, yake neman alamar maganin a cikin jinin da aka ɗiba. Duk wanda aka ga maganin a jininsa, ana sa shi cikin waɗanda suka sani, ko me ya faɗa.

Masu shan magani ana ɗauko su daga rajistar asibiti da ta ɗakin ba da magani. A rahotannin PEPFAR, shirin gwamnatin Amurka mai tallafa wa yaƙi da cutar, ma'aunin `TX_CURR` yana ƙirga waɗanda ke kan magani a ƙarshen lokacin rahoto, kuma ana cire wanda ya wuce ranar da ake sa ran ganinsa da fiye da kwana 28. A da kwana 90 ake jira, don haka ba a kwatanta tsofaffin alƙaluma da sababbi kai tsaye.

Dannewar ƙwayar ana sanin ta da gwajin yawan ƙwayar a jini, wanda ake yi bayan wata 6 da fara magani, sai a wata 12, sai sau ɗaya a shekara. Iyakar ba ɗaya ba ce ko'ina. Rahoton duniya yana amfani da ƙasa da kwafi 1,000 na ƙwayar a kowace mililita ta jini, Amurka tana amfani da ƙasa da 200, asibitoci da yawa kuma suna kiran ƙasa da 50 “ba a iya gani”. Ɗaya daga dalilan riƙe 1,000 shi ne yawan amfani da busasshen ɗigon jini a kan takarda, wanda ba ya auna ƙaramin adadi da kyau. Wanda ya haura 1,000 ana ba shi shawarwarin dagewa kan shan magani, a sake gwaji bayan wata 3, kafin a yi maganar canza masa magani.

Misali da lissafi

A ɗauka wani yanki ne da aka ƙiyasta yana da masu cutar 10,000. Rajista ta nuna 8,500 sun san matsayinsu, 7,650 suna kan magani. Kashin farko 85 ke nan, na biyu 90. Cikin masu shan maganin, 6,120 ne aka yi wa gwajin yawan ƙwaya a wata 12 da suka wuce, 5,630 daga ciki suka fito ƙasa da 1,000.

A nan lissafi ke rabuwa. Idan aka raba 5,630 da waɗanda aka gwada, kashi 92 ne. Idan aka raba da duk masu shan magani, kashi 74 ne. Rahotanni da yawa suna ɗaukar 92 ɗin su ɗora wa kowa, su ce mutum 7,038 ƙwayar ta dannu, wato kashi 70 na jimilla. Wannan zato ne cewa mutum 1,530 da ba a gwada ba daidai suke da waɗanda aka gwada, alhali wanda ke zuwa a ɗebi jininsa sau da yawa shi ne mai kiyaye ranar asibiti. Abin da aka tabbatar da takarda kashi 56 ne kawai. Gaskiya tana tsakanin 56 da kusan 70, kuma rahoton da bai faɗi yawan waɗanda aka gwada ba, ba a iya sanin ingancinsa.

Ko a kan zato mai sassauci, giɓin ya rabu haka: 1,500 ba a gano ba, 850 sun sani amma ba sa kan magani, 612 suna kan magani amma ƙwayar ba ta dannu ba. A ce kuma an tsaftace rajistar gwaji, aka tarar 500 daga cikin 8,500 sunaye ne da suka maimaitu ko na waɗanda suka rasu. Kashin farko zai sauka zuwa 80, na biyu ya tashi zuwa kusan 96. Kafin gyaran, shirin zai iya kashe ƙarfinsa wajen neman mutum 850 ya sa su kan magani, alhali 350 ne, waɗanda ba a gano ba kuwa 2,000.

Waɗanda suka ɓace

Idan rajista ta ce mutum ya ɓace, abu uku ne ke iya faruwa: ya daina magani, ya rasu ba a sanar ba, ko ya koma wani asibiti bai karɓi takardar sauyi ba. Na ukun yana lalata lissafi sau biyu, a nan a rubuta shi ɓatacce, a can a buɗe masa kati kamar sabo. Hanyar gyara da Elvin Geng da abokan aikinsa suka bayyana a 2008 daga Mbarara ta Yuganda ita ce a zaɓi wasu daga cikin ɓatattun ba tare da son rai ba, a bi su har a san makomarsu, sannan a ɗora sakamakon a kan sauran. A can binciken ya nuna cewa mace-mace sun fi abin da rajista ta nuna nesa ba kusa ba. Lambar shaida guda ga kowane mara lafiya tana rage maimaici, amma tana tayar da batun sirri a inda tsangwama ko doka ke barazana ga masu cutar.

Iyakoki

Matakalar hoton lokaci ɗaya ce, ba ta faɗin tsawon jiran da mutum ya yi tsakanin mataki da mataki, sai an bi rukunin da aka gano a shekara ɗaya. Wasu masu bincike sun fi son a zana ta da'ira, saboda mutane kan fita su dawo. Adadin ƙasa kuma yana ɓoye bambanci: a 2023, yara kashi 57 ne ke kan magani a duniya, manya kashi 77, maza kuma suna bayan mata a yawancin ƙasashe. Jarirai suna da tasu matakalar, domin garkuwar da suka gada daga uwa tana iya ruɗa gwajin gaggawa har wata 18, sai an yi musu gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar kanta, tun suna da mako 4 zuwa 6.