Sa hannu a famwayar ƙananan na'urori

Sa hannu a famwaya hanya ce da kamfani ke bi don na'urar da ya ƙera ta ƙi karɓar duk wata manhaja sai wadda ta fito daga hannunsa. Famwaya ita ce manhajar da ke zaune cikin filash na ƙaramin cif, irin wanda ke cikin mitar wuta ta kati, ko kwantirolan sola na biya kaɗan kaɗan, ko akwatin da ke kunna famfon bohol. Ana aikin da makullai biyu masu alaƙar lissafi: makullin sirri da ke wurin kamfani, shi ake sa hannu da shi, da makullin fili da ake dasawa cikin na'ura, shi kuma tantancewa kawai yake iya yi. Sa hannu ba ya ɓoye famwayar, duk wanda ya samu fayil ɗin zai iya karanta shi, abin da ba zai iya ba shi ne ya canza ko bayit ɗaya na'urar ta yarda.

Tarihi

Tunanin ya faro ne daga takardar Whitfield Diffie da Martin Hellman ta 1976, sannan lissafin RSA ya biyo baya a 1977 daga Rivest, Shamir da Adleman. SHA-256, lissafin da ke dunƙule fayil zuwa gajeriyar lamba da ake kira hash, ya fito daga hukumar NIST ta Amurka wajen 2001, hanyar sa hannu ta Ed25519 kuma a 2011 daga Daniel Bernstein da abokan aikinsa. Amma ƙananan cif sun daɗe ba su shiga harkar ba, sai kusan shekarun 2010 abin ya fara zama ruwan dare a cikinsu, lokacin da suka samu ƙarfin lissafi kuma aka fara tura musu gyara ta iska.

Darussan fannin kusan duka daga ɓarnar makulli suka zo, ba daga karya lissafin ba. Wanda aka fi ambato shi ne na PlayStation 3. A Disambar 2010, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Berlin, ƙungiyar fail0verflow ta nuna cewa Sony na sa hannu da lissafin ECDSA amma lambar k da ya kamata ta zama sabuwa fil a kowane sa hannu, ɗaya suke ta maimaitawa. To a ECDSA rabin farko na sa hannun, wato r, daga k ake samo shi, saboda haka duk wanda ya ajiye fayil biyu ya ga r ɗinsu iri ɗaya ne ya san an maimaita, kuma da ɗan lissafi zai ciro k, daga nan ya ciro makullin sirrin gaba ɗaya. A 2013 ne RFC 6979 ya kawo hanyar samo k daga makullin da saƙon kansa don kar a dogara da injin zaɓen lamba, Ed25519 ma tun asali haka aka gina shi.

A 2010 ɗin dai, manhajar ɓarna mai suna Stuxnet ta yi amfani da makullan sa hannu da aka sace na kamfanonin Realtek da JMicron. A 2023 aka yi wa kamfanin kwamfuta na MSI kutse makullan sa hannun famwayarsu suka fita duniya. A 2024 kuma masu bincike na Binarly suka bankaɗo abin da suka kira PKfail: kwamfutoci da yawa sun shiga kasuwa ɗauke da makullin gwaji na kamfanin famwaya na AMI wanda a jikinsa ma an rubuta DO NOT TRUST. Wannan na ƙarshen shi ya fi kusa da abin da ke faruwa da ƙananan kamfanoni.

Yadda na'ura ke tantancewa

Da an ba cif wuta, abin da ya fara tashi shi ne butloda, wata 'yar manhaja da aikinta duba famwaya kafin ta miƙa mata ragama. A MCUboot, wanda yana cikin butlodan da aka fi amfani da su kuma kyauta ne, fayil ɗin kashi uku ne: kai mai ɗauke da girma da lambar siga, sai ainihin famwayar, sai wutsiya da ake kira TLV inda hash da sa hannun suke. Butloda zai lissafa SHA-256 na kai da famwayar da kansa, ya samu bayit 32, ya gwada da wanda ke wutsiya, sannan ya duba sa hannun da makullin filin da ke cikinsa. In ɗaya ya saɓa ba zai kunna ta ba.

Duk wannan ya rataya ne a kan cewa ba wanda zai iya canza butlodan. In an bar ƙofar SWD ko JTAG, wadda ta nan ake zuba manhaja cikin cif, a buɗe, mai gyaran waya da ke da ɗan kebul ɗin firogiramin zai goge butlodan ya zuba nasa da nasa makullin, shi ke nan sa hannun ya tashi a banza. Shi ya sa ake kulle ɓangaren filash ɗin butloda daga rubutu a kuma rufe ƙofar. A yawancin cif ɗin STM32 matakin kullewa na RDP na 2 ba ya komawa baya, in an kunna an kunna har abada.

Zaɓin lissafi

Sa hannun RSA-2048 bayit 256 ne, na RSA-3072 bayit 384, na Ed25519 bayit 64, na ECDSA P-256 kuma wajen 70 in an naɗe shi a tsarin DER. Akwai saɓani tsakanin masu son P-256 da masu son Ed25519. A aikace abin da cif ɗin da na'urar ajiye makulli ke goyon baya shi ke yanke hukunci.

Misali

A ɗauka wani ƙaramin kamfani a Kakuri, injiniyoyi uku, suna haɗa kwantirolan sola da ake biya wata wata, dilolinsu na kaiwa Zariya, Kafanchan da Saminaka. Cif ɗinsu na da filash kilobayit 512. Suka ba butloda 64, suka yanka gurbi biyu na 192 kowanne, ɗaya na famwayar da ke aiki ɗaya na sabuwar da ake saukewa, ragowar 64 na musanya da ajiyar bayanai. Kafin na'ura ta farko ta fita sai a ƙirƙiri makulli da imgtool, manhajar sa hannu ta MCUboot, a laftof ɗin da ba ya hawa intanet:

```
imgtool keygen -k kamfani.pem -t ecdsa-p256 -p
imgtool getpub -k kamfani.pem
```

Umarni na farko zai nemi fasuwod ya kulle fayil ɗin da shi, na biyu zai fitar da makullin fili a siffar da za a haɗa cikin butloda. Duk sanda aka gama sabuwar siga sai a kawo ta a filashi a sa mata hannu:

```
imgtool sign -k kamfani.pem --header-size 0x200 --pad-header \
  --align 8 --slot-size 0x30000 --version 1.4.0 \
  --security-counter 3 app.bin app-signed.bin
```

0x30000 ɗin nan shi ne kilobayit 192 na gurbin, kuma famwayar ba za ta cinye shi duka ba don butloda na ajiye ɗan wuri a ƙarshe yana rubuta inda musanya ta kai, shi ya sa ko an ɗauke wuta ana tsakar aikin, abin da kowa a Kaduna ya san zai faru, na'urar na iya ci gaba daga inda ta tsaya. Sabuwar famwaya tana fara tashi ne a matsayin gwaji, sai ta ga ta kama netwok ta karanta batir lafiya sannan ta tabbatar da kanta, in ba ta yi ba ristat na gaba butloda zai dawo da tsohuwar.

Lambar security-counter kuwa maganin komawa baya ce. A ce siga 1.2.0 na da kafar da mutum ke bi ya buɗe sola ba tare da ya biya ba. Sa hannunta na gaskiya ne har gobe, to wanda ya ajiye fayil ɗin zai iya mayar da ita. In an ɗaga lambar zuwa 3 a sigar da ta toshe kafar, kuma an kunna wannan kariyar a butloda, na'urar da ta riga ta karɓi 3 ba za ta sake karɓar mai 2 ba. Ba kowace siga ake ɗagawa ba, sai wadda ta gyara matsalar tsaro, don da zarar an ɗaga kamfanin kansa ba zai iya komawa ba.

Gano matsala

In saƙon da butloda ke fitarwa ta layin siriyal ya nuna `Image in the secondary slot is not valid!` yawanci ko fayil ɗin ya yanke wajen saukewa ne, ko an sa hannu da makullin da ba shi ke cikin butloda ba. A gwada `imgtool verify` a kan ainihin fayil ɗin da makullin kamfani, in ya wuce to matsalar a hanya take ko a butlodan. In kuma tantancewa ta wuce amma na'ura ta sandare nan take, a duba girman kai: famwayar an haɗa ta don wani adireshi daban da inda ta sauka.

Mafi muni shi ne wanda ba ya nuna alama. MCUboot na zuwa da makullan gwaji irin su root-ec-p256.pem da kowa zai iya saukewa, kuma in ba a canza saitin ba komai zai yi ta aiki lafiya lau da su. Gwajin mai sauƙi ne kuma bai kamata a tsallake shi ba: a ɗauki na'ura ɗaya daga layin haɗawa, a sa wa famwaya hannu da makullin gwajin a tura mata. Dole ta ƙi.

Riƙon makulli

A nan ƙaramin kamfani ya fi rauni, domin makullin filin da aka kulle cikin na'ura ya tafi ke nan, ba a bin shi Kafanchan a canza. Haɗarin iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Ɓata: laftof ya mutu ko injiniyan da ya san fasuwod ya bar aiki, na'urorin na aiki amma ba mai iya tura musu gyara har abada. Sata: makullin ya shiga ma'ajiyar manhaja ta Git ko an tura shi a WhatsApp don sauri, wani na iya sa hannu da sunan kamfanin.

Maganin ɓata shi ne kwafi biyu a kulle a wurare biyu daban, misali ɗaya a sef ɗin ofis ɗaya a banki, fasuwod a hannun mutum biyu, kuma a riƙa ɗauko kwafin lokaci lokaci ana gwada sa hannu da shi don filashi ma na lalacewa a ajiye. MCUboot na yarda a dasa makullin fili fiye da ɗaya, sai a ƙirƙiri na biyu tun ranar farko a adana shi. Amma wannan ɓata kawai yake warkarwa, in an sace na farkon na'ura za ta ci gaba da yarda da shi muddin ba hanyar soke shi. Cif ɗin ESP32-S3 da ESP32-C3 na da gurbin makulli har uku a eFuse, ma'ajiyar da ba a goge abin da aka rubuta cikinta, kuma ana iya soke ɗaya, ESP32 na asali kuwa ɗaya tak yake ɗauka a Secure Boot V2. Gara a duba wannan tun wajen zaɓen cif.

Maganin sata shi ne makullin ya zauna cikin na'urar HSM irin YubiHSM 2, wadda ke sa hannu a cikinta ba ta fitar da makullin. Injiniyoyi su yi aikin yau da kullum da makullin gwaji nasu a kan allunan gwaji kawai, na gaske kuma sai ranar fitar da siga, mutum biyu a zaune, a rubuta kwanan wata da lambar siga da hash ɗin fayil a littafi. Masana'antar da ke haɗa allo, ko a Shenzhen take ko a Legas, fayil mai sa hannu ake tura mata da butloda, ba ta da buƙatar makullin sirri. Kowane samfurin kaya kuma da nasa makullin, don in na kwantirolan sola ya fita kar ya tafi da na famfo.