Nauyin tunani: me ya sa cunkusasshiyar takardar aiki ke rikita ɗalibi?

Ƙa'idar nauyin tunani ta fito ne daga binciken John Sweller, masanin halayyar koyo ɗan Ostireliya, a shekarun 1980. Tushenta shi ne, ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke riƙe sabon abu yayin da ake aiki da shi ƙarami ne ƙwarai. Wani masanin, Nelson Cowan, ya ƙiyasta a 2001 cewa wajen abu huɗu yake ɗauka a lokaci guda. Wani nauyin daga darasin kansa yake, ba makawa sai an ɗauka. Wani kuwa tsarin takarda ne ya ɗora shi, kuma shi ne malami zai iya saukewa.

A ce takarda ce ta neman girman filin alwatika. Zane yana sama da haruffa A, B, C. Tsawon kowane gefe yana cikin jadawali a ƙasa, ƙa'idar lissafin tana bayan takardar, ga tambayoyi 20 a matse, ga hotunan ado a gefe. Kafin yaro ya taɓa lissafi, sai ya riƙe harafi a ka, ya sauka ya nemo lambarsa, ya juya takarda, ya dawo. Wannan shi ake kira rabuwar hankali. Ana gane shi da ido: yatsa na hawa da sauka, ana ta juya takarda, ana kwafo lambar da ba ita ba. Ka zana wa yaron nan alwatika ɗaya da lambobinta a jiki, sai ka ga ya amsa daidai.

Gyaran farko, a rubuta 8 cm a kan gindin alwatikar, 5 cm kusa da layin tsayi, a kawar da jadawalin. Ƙa'idar ta zauna dab da zanen. Sannan a fara da misalin da aka warware gaba ɗaya: ½ × 8 × 5 = 20 cm². Tambaya ta biyu a jera lambobin, a bar amsa kawai. Ta uku a bar yaro ya jera da kansa. Tambaya shida masu sarari sun fi 20 a cunkushe. Ado kam a cire, haka ma jimlar da ke maimaita abin da zane ya riga ya nuna.

Sai dai a kula da abu biyu. Bambance tsayi da gefen da ya karkata shi ne ainihin darasin, don haka kada a share lambar gefen nan daga dukkan tambayoyi. A jinkirta ta zuwa ta biyar. Kuma ɗalibin da ya riga ya ƙware, misalan da aka warware ɓata masa lokaci suke yi, har su kan zame masa ƙarin nauyi. Shi a ba shi tambayoyin kai tsaye.